Inci Ɗaya Da Ya Cinye Min Riba: Shirinmu Na Wannan Makon A Rubuce

Masu cewa data ba ta isar su sauraron murya, ga shirin nan a rubuce kamar yadda aka saba.

Yau da masu walda da teloli zan yi magana, amma ba sabbin shiga ba. Da wanda ya riga ya iya nake, wanda ya shekara takwas ko goma yana aiki, hannunsa ya faɗa, amma har yanzu cin abincinsa yana rataye da wanda zai shigo shago ya ce a yi masa ƙofa ko a ɗinka masa kaftani. Wani ƙanina ne ya tsayar da ni a Dakata kwanakin baya, ya ce min, "Yaya, sati uku ke nan ban kunna inji ba, yarana biyu sun koma jan adaidaita sahu." Na ce masa ya saurari shirin wannan makon, don ni ma na taɓa zama a kan wannan bencin.

Ni mai walda ne, shagona yana nan ɓangaren Nassarawa, ba nisa da Bompai. Na yi shekaru ina aikin oda: get, taga, gadon ƙarfe, tankin ruwa. Aikin oda yana da daɗi ranar da ya zo, amma ku duba yadda yake. Kowane aiki da awonsa daban, sai ka je ka auna, ka dawo, ka yi ciniki, ka tafi Ƙofar Ruwa ka sayo ƙarfen aiki ɗaya tak, ka biya kuɗin dako a kan wannan ɗayan. Ka gama, mai shi ya ce saura ciko sai ƙarshen wata. Damina ta sauka gini ya lafa, kai ma ka lafa. Tela ma haka, azumi ba ya barci, bayan Sallah sai hamma.

Abin da ya canza min lissafi shi ne na daina jiran a faɗa min me zan ƙera. Na zaɓi abu ɗaya, awo ɗaya, ina yin sa da yawa a lokaci guda. Abin da na zaɓa shi ne murhun gawayi. Kuma zan bi da ku cikinsa dalla-dalla, don idan ka gane lissafin murhu, za ka iya ɗora shi a kan baro, ko kan kujerar makaranta, ko kan rigar aiki idan kai tela ne.

Me ya sa murhu? Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 komai ya tashi, gas ɗin girki ma ya yi tsada, gidaje da yawa da masu abincin sayarwa suka koma gawayi. Wannan kowa ya gani da idonsa, buhunan gawayi a bakin kowane layi. To amma a nan akwai tarko. Murhu mai araha ya cika kasuwa, maƙera suna yin sa da gwangwani da ragowar langa-langa, kuma ba za ka taɓa karya musu farashi ba. Kar ma ka gwada. Naka mai sayen daban ne: mai shayi, mai awara, mai sayar da shinkafa da wake, wadda take kunna wuta tun asuba har dare kullum. Ita murhun gwangwani ba ya daɗe mata, ta gaji da canzawa. Ita ce za ta biya kuɗin abu mai ƙarfi.

Yanzu ga kuskurena na farko, wanda shi ne sunan shirin nan. Na zauna na zana murhu mai kusurwa huɗu, na ce kowane gefe inci 13, tsayi inci 8. Me ya sa 13? Wallahi babu dalili, kawai na ɗora tukunyar gidanmu na ga ya yi min kyau a ido. Na saba da aikin oda, inda awo daga wurin mai aiki yake zuwa. Ban san cewa idan za ka yi abu da yawa, awo daga jikin farantin ƙarfe yake fitowa ba.

Ku bi ni a hankali. Farantin ƙarfe da muke saya faɗinsa ƙafa 4 ne, tsawonsa ƙafa 8. Wato inci 48 da inci 96. Jikin murhu kuwa zube ɗaya ne, doguwar tsiri da ake lanƙwasawa gida huɗu a haɗe bakin da walda. Idan kowane gefe inci 12 ne, tsirin nan tsawonta inci 48 ke nan, daidai da faɗin farantin, ba ragi ba ƙari. Sai kawai ka riƙa yanko inci 8, inci 8 daga tsawon. 96 a raba 8, jiki 12 ke nan daga faranti ɗaya, babu abin zubarwa.

Nawa mai inci 13 fa? Tsirinsa inci 52 take, ta fi faɗin farantin. Dole na juya na yanka ta tsawo, sai na samu guda 6 kacal cikakku, ragowar kuma guntu ne wanda bai kai ko ɗaya ba sai da faci. Faci kuma ƙarin walda ne, ƙarin wuta, ƙarin lokaci, ga muni. Inci ɗaya ya mayar da 12 ya koma 6. Ka gane? Tukunyar da ta zauna a kan 13 za ta zauna a kan 12 lafiya lau, mai shayi ba zai ma lura ba, amma aljihuna ya lura.

To ga yadda nake yi yanzu, zubi ɗaya murhu 24. Faranti uku nake saya, mai kaurin milimita 1.5. Biyu su ba ni jiki 24. Na ukun in yanka shi murabba'i inci 12 da 12, yana ba da 32. Ashirin da huɗu su zama gindin da toka ke zuba, takwas ɗin da suka rage in fitar da murfin ƙofar iska daga cikinsu. Kar ka yarda ka sauka zuwa mai kaurin 0.8 don araha. Na gwada a zubin farko, sati kaɗan gefen ya bankare, ga shi kuma wajen walda yana hujewa kamar takarda.

Sai raga, inda gawayi ke zama. Da rodi mai milimita 10 nake yin ta. Guntaye 11 a jere, biyu a gicciye a ƙasa su riƙe su, 13 ke nan, kowanne ɗan ƙasa da ƙafa ɗaya don ragar ta shiga cikin jikin ba tare da an buga ba. Tsakanin rodi da rodi kada ya wuce kaurin babban yatsa. In ya fi haka ƙananan gawayi za su zube ƙasa, in ya matse da yawa toka ta toshe, wuta ta ƙi ci. Rodi ɗaya mita 12 ne, yana ba da raga uku, don haka rodi takwas na raga, sai ƙarin biyu na hannaye da mazaunin tukunya. Ƙafafu kuma ƙarfen angul ne, inci 9 kowace ƙafa, sanda huɗu sun ishi zubin gaba ɗaya.

Ragar tana zama inci 4 ƙasa da baki, ƙasanta kuma inci 4 na toka da iska. A nan ƙasan ake buɗe ƙofar iska, kamar inci 5 da 3, da murfi mai zamewa. Murfin nan kada ka raina shi. Shi ne yake ba mai girki damar rage wuta idan shinkafa ta tsotse, shi ne kuma abin da za ta faɗa wa maƙwabciyarta, cewa wannan murhun ba ya cin gawayi.

Ga wani abu da ya fi komai kawo min kuɗi daga baya: kada ka like ragar da jikin murhu. Ka yi mata 'yan kunnuwa huɗu a ciki ta zauna a kai, a iya ɗaga ta. Raga ce take fara mutuwa, don ita ke shan wuta kai tsaye. Idan a like take, ranar da ta lotsa murhun gaba ɗaya ya tashi aiki, sunanka ya ɓaci. Idan kuwa ana cirewa, kuma duk murhunanka awo ɗaya ne, mai shi zai dawo ya sayi sabuwar raga ya ɗora. Kowane murhu da ka sayar ya zama kwastoman raga. Kuma raga ita ce aikin da yaro mai wata shida a shago zai iya, da guntayen rodi.

Yadda yaron zai iya kuwa shi ne ka yi masa mazauni. Ka samu faranti mai kauri, ka like masa ƙananan ƙarafa a jere daidai tazarar da kake so, yadda yaro zai jera guntayen rodi kawai su faɗa gurbinsu, ya ɗiga walda, ya ɗaga, ya sake jerawa. Ba tef, ba alli, ba "Oga zo ka duba". Haka za ka yi wa ƙafafu nasu, da wurin lanƙwasa jiki. Yini guda na ɓata ina haɗa waɗannan, kuma shi ne yinin da ya fi kowane biya na. Alamar mazauninka ya yi kyau ita ce ka ɗauki ragar kowane murhu ka saka a wani, ta zauna. In ta ƙi, tsaya ka gyara kafin ka ci gaba, in ba haka ba kuskure ɗaya za ka haifa sau 24.

Aikin kuma ba a yin sa murhu bayan murhu. Ranar farko yanka ne kawai. Rana ta biyu lanƙwasa da buɗe ƙofar iska. Ta uku raga da ƙafafu. Ta huɗu haɗawa. Ta biyar gogewa da fenti. Amfanin wannan a wurin wuta yake. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin lantarki na layin da ake kira Band A, aka fara da naira 225 kowane yunit, ga man janareta shi ma ba sauƙi, ba ka da halin barin inji yana ruri kana neman tef. Idan ka tara waldarka wuri ɗaya, za ka kunna ka yi ta a jere ka kashe. Wajen haɗa jikin, ka yi amfani da ƙaramar sandar walda mai lamba 12, ka rage ƙarfin inji, ka riƙa ɗigawa nan da can maimakon jan layi ɗaya dogo. In ka ja dogo farantin zai ɗau zafi ya karkace, murhu ya riƙa rawa a ƙasa. Fenti kuma a waje kawai, banda raga da cikin wurin wuta, don zai ƙone ya yi wari a abincin mutane.

Mu zo kan kuɗi. Farashin ƙarfe ba ya kwana wuri ɗaya, don haka lambobin nan misali ne na koyon lissafi, kai ka cire su ka saka na ranar da za ka shiga kasuwa. A ce faranti naira 40,000 ne, uku 120,000. Rodi goma a kan 7,000, 70,000. Angul huɗu a kan 7,500, 30,000. Ƙarfe gaba ɗaya 220,000 ke nan. Sandar walda da faifan yanka 22,000, fenti 10,000, wuta da mai 22,000, dako zuwa da dawowa 14,000, yara kuma 1,000 a kan kowane murhu, 24,000. Jimla 312,000. A raba 24, kowane murhu ya tsaya maka a 13,000.

A nan yawancinmu muke faɗuwa. Sai mutum ya ce to in na sayar 15,000 na ci dubu biyu. Ba ka ci komai ba, ɗan'uwa, kuɗin guminka ne wannan na kwana biyar. Ka rubuta wa kanka lada kamar yadda ka rubuta wa yara, a ce 2,000 kowane ɗaya. Asalin kuɗin murhu ya zama 15,000. In ka ba ɗan sari a 17,500, ribar sana'a 2,500 ce, sau 24 ta zama 60,000. Wannan dubu sittin ɗin ba ta cefane ba ce, ita ce za ta ƙara maka zubi na gaba.

Yanzu ku koma kan inci ɗayan nan. Da awon 13 na ci gaba, jiki 24 sai ya ci faranti huɗu maimakon biyu. Ƙarin 80,000 ke nan, ribar kuma 60,000 ce. Wato kana aiki, kana gumi, kaya suna fita, mutane suna yi maka barka, kai kuwa kana cin uwar kuɗi ba ka sani ba. Haka na yi a zubin farko.

Kuskurena na biyu bashi ne. Na kai wa wani ɗan kasuwa kaya, ya ce in ajiye in ya sayar zai kira ni. Wata biyu ina sintiri. Ku ɗora wannan a kan lissafinmu. Idan a cikin wata biyun ƙarfe ya tashi da kashi 20 cikin 100, ƙarfen 220,000 ya koma 264,000. Dubu arba'in da huɗu sun tafi daga ribarka, saura 16,000. In kuma ya dawo maka da guda biyu ya ce sun yi tsatsa a rumfa, shi ke nan ka shiga ciki. Saboda haka ƙa'idata yanzu: ɗan sari ya ba da rabi ranar da aka sauke kaya, ciko cikin sati biyu, kuma ba na ba mutum ɗaya fiye da guda takwas sai ya biya na baya. Wanda ya ƙi, mu rabu lafiya. Gara murhu yana shagona da ya zama yana rumfar wani ina roƙonsa kuɗina.

Kuma don Allah kar ka fara da 24. Ka fara da shida. Ka raba su ga masu kunna wuta kullum, mai shayin bakin layinku, mai kosai, masu abinci a wajen kasuwar Yankaba. Ka sayar musu a kuɗin da ya tsaya maka, da sharaɗin za ka dawo bayan sati biyu ka duba. In ka koma, abu huɗu za ka kalla: ragar ta lotsa a tsakiya? Gefen ya bankare? Ƙafa tana rawa? Hannun yana ɗaukuwa ko yana ƙona mutum? Sannan ka tambaye ta gawayin nawa take ci a yini da, nawa take ci yanzu. Amma babbar alama ba a bakinta take ba. In ka ga maƙwabciyarta ta tambayi lambar wayarka ba tare da ka yi talla ba, to kayanka sun karɓu. In shida sun yi sati biyu ba wanda ya tambaya, kar ka sayi faranti uku. Ka koma ka gyara, ko ka canza abin da kake ƙerawa. Asarar shida ana jurewa.

Bayan nan ne za ka nemi 'yan sari, masu kayan kicin a kasuwar Sabon Gari, da masu kai kaya kasuwannin ƙauye irin ta Wudil da ke ci ranar Juma'a. Lokacin fitar kaya kuwa ka yi shiri kafin sanyi da kafin azumi, ba a cikinsu ba. Kuma duk wanda ka sayar wa, ka faɗa masa da bakinka kada a kwana da gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

To ina kamfanonin da ke kewaye da mu suka shigo? Mu da muke Nassarawa, Bompai a ƙofar gidanmu take, ga Sharaɗa, ga Challawa can wajen Kumbotso. Yawancinmu muna wuce su ne muna cewa ai an rufe da yawa. Gaskiya ne wasu sun rufe, amma masu aiki suna nan, kuma kowane kamfani ƙofa biyu gare shi a wurin mai sana'a. Ta ɗaya ragowar kaya ke fita, ta ɗaya kuma ƙananan buƙatu ke shiga.

Ƙofar fita ita ce guntayen ƙarfe, tsofaffin bututu da ragowar faranti, waɗanda 'yan gwangwan ke kwashewa su sayar a kilo. Wanda bai da tsayayyen awo ba ya cin moriyar wannan sosai. Kai kuwa da ka san guntun rodi ƙafa ɗaya kake so, da angul inci 9, da faranti 12 da 12, sai ka je da tef a aljihu ka tsinci abin da wani ya ɗauka shara ne. Raga da ƙafafu duk za su iya fitowa daga nan, kuma su ne kusan kashi biyu cikin biyar na kuɗin ƙarfenka. Abu biyu dai ka kiyaye. Farin ƙarfe mai rufin zinki kada ya shiga murhu, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi ga mai walda, bai kuma dace da wurin girki ba. Na biyu, duro. Challawa cike take da majemu, kuma kamfanoni suna fitar da durorin da aka zuba sinadari ko mai. Kada ka kusanci rufaffen duro da wuta ko injin yanka don an ce maka babu komai a ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa, ba ruwan ba. Duron da ba ka san abin da ya ɗauka ba, bar shi, komai arharsa.

Ƙofar shiga kuma ita ce abubuwan da kamfani ke buƙata a kai a kai: baron tura kaya, kantar jera kaya, murfin da ake rufe bel ɗin inji. Kada ka je da baki, ka je da samfur ɗaya a hannu ka nemi mai kula da sito ko mai sayen kaya. Za su tambaye ka rajistar sunan kasuwanci ta hukumar CAC, da asusun banki mai wannan sunan, da takardar farashi. Kuma ka sani kamfani ba ya biya ranar da ka kai, sau da yawa sai bayan wata. Don haka kar ka fara da su. Sai murhu ya tsaya da ƙafarsa yana kawo kuɗin yau da gobe, sannan ka iya jure jiran kamfani.

Teloli, na san kuna cewa yau an manta da mu. Ban manta ba, lissafin ɗaya ne. Wata ƙanwata tela ce a Gama, da na nuna mata zancen faranti dariya ta yi, ta ce, "Yaya, ai mu ma yadi faɗi gare shi." Abin da ta zaɓa shi ne rigar gaba ta aiki, wadda ake ratayawa a wuya a ɗaure a ƙugu, irin ta ma'aikatan gidan burodi, gidan fiya wata da mahauta. Ba ta da awon kafaɗa, ba ta da dawo a rage min.

Ga yadda take lissafi. Kowace riga faɗinta inci 30 ne, tsawo 36. Idan ta sayi yadi mai faɗin 60 a Kantin Kwari, yadi ɗaya yana ba ta riga biyu gefe da gefe, 24 za su ci yadi 12. Idan mai faɗin 45 ta saya, biyu ba sa jeruwa, sai ta juya, kowace riga ta ci inci 30 na tsawo, 24 su ci yadi 20. Kun ga mai 45 zai iya fin araha a baki amma ya fi tsada a teburin yanka. Ta kuma ce in gaya muku ku auna faɗin da tef ɗinku kafin ku biya, don wanda ake kira 60 wani lokaci 58 ne, sai ku mayar da rigar 29. Igiya da aljihu kuma a ƙara musu yadi biyu ko uku.

Mazaunina na raga, a wurinta kwali ne da ta yanka sau ɗaya. Tana shimfiɗa yadi ninki huɗu zuwa shida, ta ɗora kwalin ta zana ta yanka gaba ɗaya. Yarinya ɗaya igiya kawai take ɗinkawa, ɗaya aljihu, ita kuma ta haɗa. Inda irin wannan riga take fara mutuwa shi ne wurin da igiya ta haɗu da jiki, don haka nan take maimaita ɗinki. Ita ma da shida ta fara, ta kai wa wani gidan burodi, ta koma bayan an wanke su sau da yawa ta duba ko yadin ya tsuke ko ya zuba. Irin wannan wurin in sun yarda da ke, duk lokacin da rigunan suka tsufa ko aka ɗauki sabbin ma'aikata ke za a kira, kuma ba ruwansu da Sallah.

Abu na ƙarshe, kar wanda ya ji shirin nan ya je ya kori masu oda. Ni har gobe ina yin get. Abin da na yi shi ne na raba mako, na kuma raba kuɗi. Kuɗin murhu asusunsa daban, ba na taɓa shi don cike gibin aikin wani, kuma kafin alƙalamin mai get ba ya shiga murhu. Ranar da ka haɗa su, ranar za ka daina sanin wanne ke ciyar da wanne.

Ƙanin nan nawa na Dakata, ga aikin da na ba ka kafin mako mai zuwa, kai da duk mai irin halinka. Ka zaɓi abu ɗaya. Ka auna faranti ko yadin da za ka yi shi da shi, ka fitar da awonka daga jikinsa. Ka rubuta kuɗin guda shida har da ladanka. In ka yi, ka turo min lissafin ta saƙo, zan zaɓi biyu ko uku mu warware su tare a shiri na gaba, ba tare da na faɗi sunan kowa ba.

A gaida yaran shago, a kuma riƙa saka gilashin walda, ido ba shi da safaya. Sai mun haɗu.